Hoton Takardar Gwajin Jini: Yadda Ake Jera Lambobi Ba Tare da Zama Likita Ba

A yau da wuya a sami dangin da ba su da mutum guda da ake tura wa hoton takardar asibiti. Wani gidan nas ce, wani gidan ɗalibin makarantar kiwon lafiya ne, wani gidan kuwa ɗan boko ne kawai da aka san Turancinsa ya nuna. Sakamako ya fito daga ɗakin gwaji da hantsi, likita ba zai zauna ba sai gobe ko jibi, hankali kuma ya ƙi kwanciya. Sai a ɗora takardar a cinya, a ɗauki hoto, a tura ta WhatsApp da saƙon murya: "Yaya, don Allah duba mana, me suka ce?"

Wanda aka tura wa yakan ji nauyin ya ce bai sani ba. Daga nan ne ake samun amsoshi irin su "jininta ya ƙare" ko "ai taifot ne", kafin la'asar an je kyamis an sayo magani. Alhali akwai taimako na gaske da zai iya yi ba tare da ya shiga hurumin likita ba: ya kwafe kowace lamba daidai, ya ajiye ta kusa da iyakokin da takardar da kanta ta rubuta, ya nuna wadda ke ciki, wadda ta yi ƙasa da wadda ta yi sama. Aikin yana da ƙa'idojinsa, kuma yana da wuraren da ake zamewa.

Hoton kansa

Kafin a karanta ko da lamba ɗaya, sai an tabbatar hoton ya karantu. Yawancin injinan ƙirga ƙwayoyin jini da ke ƙananan ɗakunan gwaji suna fitar da sakamako a siririyar takarda irin ta rasidin POS. Rubutun irin wannan takarda da zafi ake buga shi, don haka rana da zafin aljihu suna dusashe shi. Sannan WhatsApp yana matse hoto don rage nauyinsa. Idan aka haɗa dusasshen rubutu da matsattsen hoto, abin da ke fara ɓacewa shi ne ɗigon da ke tsakanin lambobi, sai 10.9 ta koma 109, ko 3 ta yi kama da 8.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A shimfiɗa takardar a kan tebur ko tabarma, a wuri mai haske, ba tare da kunna fitilar waya ba, domin ƙyallinta yana cinye rubutu. A riƙe wayar a miƙe a saman takardar, kada a karkata, saboda hoton da aka ɗauka a karkace yana sa ido ya zame daga wannan layi zuwa na ƙasansa, a ba wa gwaji ɗaya lambar wani. A tabbatar dukkan kusurwoyi huɗu sun fito, domin iyakokin kwatance galibi a gefen dama suke, kuma su ne aka fi yankewa. Idan aka tura hoton a matsayin Document, WhatsApp ba ya matse shi.

Sai kan takardar. A nan ake ganin suna, shekaru, jinsi da ranar da aka ɗebi jini. Mai karatu ya fara da tambayar ko takardar ta wanda ake magana ce, kuma ta yaushe ce. A gidan da mutum biyu suka yi gwaji rana ɗaya, musanyar takarda ba baƙon abu ba ne, haka nan turo tsohon sakamako na bara a zaton sabo ne. Idan kuma hoton zai wuce zuwa wani mutum na uku, a rufe suna da lambar katin asibiti, a bar shekaru da jinsi. Takardar gwaji sirrin mai ita ce, bai kamata ta faɗa zauren dangi ba tare da izininsa ba.

Abubuwa huɗu a kowane layi

Kowane layi na sakamako yana ɗauke da abubuwa huɗu: sunan gwajin, lambar da aka samu, ma'aunin da aka auna da shi, da iyakokin kwatance, wato lamba ta ƙasa da ta sama. A saman ginshiƙin iyakokin akan ga an rubuta Reference Range ko Normal Range. Wasu takardun suna ƙara harafi ɗaya a gefe: L idan lambar ta yi ƙasa, H idan ta yi sama, wasu kuma tauraro ko kibiya suke sawa.

A ɗauki misalin wata mata mai shekara 34 da aka yi wa gwajin da ma'aikatan asibiti ke kira FBC, wanda ke ƙirga ƙwayoyin jini. Ƙanwarta ta tura hoton ga yayansu. Ga yadda ya kamata ya jera shida daga cikin layukan, yana bin takardar daga sama zuwa ƙasa:

WBC: 3.8 x10^9/L. Iyaka a takarda: 4.0 zuwa 11.0. Ƙasa da iyaka.
RBC: 4.53 x10^12/L. Iyaka: 3.80 zuwa 4.80. Cikin iyaka.
HGB: 10.9 g/dL. Iyaka: 12.0 zuwa 15.0. Ƙasa da iyaka.
HCT: 33.5 %. Iyaka: 36.0 zuwa 46.0. Ƙasa da iyaka.
MCV: 74.0 fL. Iyaka: 80.0 zuwa 100.0. Ƙasa da iyaka.
PLT: 412 x10^9/L. Iyaka: 150 zuwa 400. Sama da iyaka.

Zai iya ƙara bayanin abin da kowane suna ke aunawa, domin wannan sani ne na kowa. WBC yawan fararen ƙwayoyin jini ne, RBC na jajaye. HGB shi ne himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyi. HCT shi ne abin da aka fi sani da PCV a asibitocin Najeriya, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka cinye a cikin jinin. MCV matsakaicin girman jajayen ƙwayoyin ne, PLT kuma ƙananan ƙwayoyin da ke taimakawa jini ya daskare idan an ji rauni.

A lura cewa ya rubuta har da layin da ke cikin iyaka. Mutane sukan tsallake irin wannan su tafi kai tsaye wurin masu alamar L da H, amma likita yana karanta layukan ne tare, kuma wanda yake daidai yakan taimaka masa fahimtar wanda ya kauce.

Da a ce ɗigon HGB ya dusashe a hoton, lambar ta fito kamar 109 ko 18.9, akwai dabarar gane cewa da matsala. A mafi yawan lokuta HCT yakan yi kusan ninki uku na HGB idan an auna shi da g/dL. A nan 10.9 sau uku ya ba da 32.7, wanda ke kusa da 33.5. Da 18.9 ce, da HCT ya haura 50. Sai dai wannan dabara ta ankarar da mai karatu ce kawai. Ba a cike gurbi da ita. Lambar da ba ta fito sarai ba, a rubuta "ba ta karantu ba", a nemi sabon hoto.

Ma'auni da tarkon da ke cikinsa

Lamba ba tare da ma'auninta ba ba ta faɗi komai ba. Wanda ya ce ya sayo gero "goma" bai yi bayani ba sai ya faɗi ko tiya ce ko buhu. Himogulobin ɗin matar nan da aka rubuta 10.9 g/dL, wani ɗakin gwajin zai rubuta shi 109 g/L, kuma abu ɗaya ne. Don haka 109 ɗin ma tana iya zama daidai, idan ma'aunin da ke gefenta g/L ne kuma iyakokin sun nuna 120 zuwa 150.

Gwajin suga ya fi kowanne rikita mutane a wannan fanni. A Najeriya ana amfani da ma'auni biyu: wasu asibitoci suna rubutawa da mmol/L, na'urorin gida da yawa kuma da mg/dL. Tsakaninsu ninki 18 ne, wato 5.5 mmol/L daidai yake da kusan 99 mg/dL. Wanda ya saba ganin 99 a na'urar mahaifinsa, idan ya ga 5.5 a takarda zai iya zaton suga ya faɗi warwas, alhali lambar ɗaya ce.

Ga masu zirga-zirgar neman magani tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, akwai ƙarin abin lura. Takardun Nijar da Faransanci suke, gwajin FBC a can NFS ake rubuta shi, kuma sukan auna suga da g/L. Sugan nan na 99 mg/dL zai fito a matsayin 0,99 g/L. Waƙafin da ke tsakanin lambobin shi ne ɗigo a tsarin rubutun Faransanci. Mai kwafa ya rubuta shi yadda ya gan shi, da waƙafinsa da ma'auninsa, kada ya juya shi zuwa wani ma'auni da ka. Idan dole sai an juya, a bar ta asalin a gefe don likita ya gani.

Daga ina iyakokin suka fito?

A nan ne ake gane dalilin da ya sa "ƙasa da iyaka" ba ya nufin "ciwo". Yadda aka saba fitar da iyakokin kwatance shi ne a auna mutane masu lafiya da yawa, a ɗauki tsakiyar kashi 95 cikin 100 na sakamakonsu, a bar kashi biyu da rabi a ƙasa, biyu da rabi a sama. Ma'ana, a kowane gwaji, mutum ɗaya cikin 20 masu ƙoshin lafiya zai faɗo waje da iyaka tun daga yadda aka tsara lissafin. Idan aka yi wa lafiyayyen mutum gwaje-gwaje 20 da ba su dogara da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da alamar L ko H ta kai kusan kashi 64 cikin 100.

Haka kuma iyakokin suna bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, saboda inji, sinadaran aiki da mutanen da aka auna ba ɗaya ba ne. PLT ɗin matar nan 412 ne, kuma takardarta ta tsaya a 400, shi ya sa aka sa masa H. Akwai ɗakunan gwaji da yawa da iyakarsu ta sama 450 ce, a can da lambar ta wuce ba tare da wata alama ba. Wannan ne ya sa ƙa'idar farko ita ce a yi amfani da iyakar da ke kan takardar da ake karantawa, ba wadda aka haddace a makaranta ko aka gani a intanet ba. Idan takardar ba ta rubuta iyaka ba, sai a rubuta "babu iyaka a takarda", a bar gurbin haka.

Wani abin dubawa shi ne ko iyakar ta dace da mai takardar. Wasu takardun suna buga iyaka biyu, M ta maza da F ta mata, wasu kuma an saita injinsu a kan ta manya, ko da jinin jariri aka saka. Jariri sabon haihuwa himogulobin ɗinsa ya fi na babba yawa, yara ƙanana kuma lissafin fararen ƙwayoyinsu daban yake. Mai jerawa ya zaɓi layin da ya dace da jinsi, idan kuma takardar yaro ce da iyaka guda ɗaya, ya rubuta a ƙasa cewa a tambayi likita ko iyakar ta yara ce.

Lamba ɗaya, labari da yawa

A koma ga 10.9 ɗin matar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da 13 g/dL a matsayin ƙarancin jini ga namiji babba, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki, ga mai ciki kuma ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi 11 ne. Don haka idan matar tana da juna biyu, 10.9 gab take da layi. Idan ba ta da shi, ta yi ƙasa da fiye da maki ɗaya. Idan kuma mai sikila ce, wadda jininta ya saba zama tsakanin 6 da 9, to 10.9 ta fi abin da ta saba. Takardar ba ta faɗi ko wanne daga cikin ukun ba ne.

Ko an tabbatar jinin ya yi ƙasa, saura dalili. Ƙarancin himogulobin tare da ƙananan jajayen ƙwayoyi, kamar yadda MCV 74 ya nuna, yana iya fitowa daga ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, ko zubar jini mai yawa lokacin al'ada, ko tsutsar ciki, ko wata doguwar jinya, ko kuma wani yanayi na gado da ake haihuwar mutum da shi wanda maganin ƙarin jini ba ya canza shi. Kowanne da hanyar da ake bi. Likita zai tambayi tarihi, ya duba ido da tafin hannu, wataƙila ya sa a ƙara wani gwajin. Wanda ke kallon hoto a waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

WBC na 3.8 ma yana da nasa bayanin. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna ɗauke da wani bambancin gado a rukunin jini da ake kira Duffy, kuma masu shi sukan kasance da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyi ba tare da wata cuta ba. Iyakoki da yawa da ake bugawa a takardu an samo su ne daga awon Turawa. Amma ƙarancin fararen ƙwayoyi yana iya zuwa daga zazzaɓi ko wani magani da ake sha. Saboda haka "ba komai ba ne" ma hukunci ne, kuma mai jerawa ba shi da ikon yanke shi, kamar yadda ba shi da ikon cewa "akwai matsala".

Wani lokaci kuma laifin na samfurin jinin ne. Idan jajayen ƙwayoyi suka farfashe wajen ɗiba ko jinin ya daɗe kafin a auna, sinadarin fotasiyam, wanda ake rubutawa K, yakan fito sama da gaskiyarsa. A cikin kwalbar nan mai murfi shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda da ake zuba jinin FBC, ƙwayoyin PLT na wasu mutane sukan dunƙule, inji ya ƙirga su kaɗan. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan rubuta irin wannan a ƙasan takarda, sau da yawa da biro. Duk wani rubutun hannu ko sharhi da ke ƙasa, a kwafe shi harafi da harafi.

Sakamakon da ba lamba ba

Ba kowane gwaji ne ke da iyaka ta ƙasa da ta sama ba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro, MP, yakan fito da + ko ++ ko Not seen. Na ciwon hanta, HBsAg, yakan ce Reactive ko Non-reactive. Na jinsin jini kuma AA, AS ko SS. Waɗannan a kwafe su yadda suke, har da yawan alamar +, kuma a kula da ɗan guntun Non da ke farkon kalma, domin lanƙwasar takarda kaɗai na iya ɓoye shi ta juya ma'anar baki ɗaya.

Gwajin Widal ya cancanci a ja masa kunne na musamman. Yana fitowa da lambobi irin 1:80 ko 1:160, kuma a unguwanni da yawa da zarar an ga babbar lamba sai a ce taifot. Abin da gwajin ke aunawa shi ne martanin garkuwar jiki, wanda kan iya kasancewa sama saboda tsohuwar kamuwa, ko riga-kafi, ko wani zazzaɓin daban, har da na cizon sauro. Shi ya sa likitoci ba sa dogara da Widal guda ɗaya shi kaɗai.

Abin da za a mayar wa mai tambaya

Amsar da yayan nan zai tura wa ƙanwarsa gajeriya ce. Zai sa ranar gwajin, shekaru da jinsi a sama, ya jera layukan kamar yadda aka gani, sannan ya rubuta: "Huɗu sun yi ƙasa da iyakar takardar, ɗaya ya ɗan haura, ɗaya yana ciki. Ma'anarsu sai likitan da ya sa a yi gwajin. Ki ce wa Anti ta tafi da takardar ta asali, da tsofaffin sakamako idan akwai, da kwalayen duk maganin da take sha, har na gargajiya. Kada ta fara sabon magani kafin nan." Zai iya taimaka mata ta shirya tambayoyi: wanne ne a cikin lambobin ke buƙatar kulawa, ko za a maimaita gwajin, kuma yaushe.

Akwai lokacin da ba a tsayawa jera komai. Idan mai takardar yana haki, ko ya suma, ko yana zubar da jini, ko jijjiga, ko ya rikice ba ya gane mutane, ko yaro ne da ya ƙi shan nono kuma tafin hannunsa ya yi fari fat, asibiti za a nufa nan take, ko da duk lambobin suna cikin iyaka. Haka nan idan ɗakin gwajin ya kira waya, ko ya rubuta Critical ko Urgent a takardar, ko wata lamba ta yi nisa ƙwarai da iyakarta, kamar himogulobin da ya sauka ƙasa da 7, to a ranar za a kai wa likita, ba a jiran ranar da aka ba da ta komawa.